Famfo na Goma Sha Tara

Ranar wata Talata na taso daga kwalej da rana tsaka na tarar da yayana Na Allah zaune a ƙofar gidana. Ya jingina motonsa, wato babur ɗinsa, da bango, yana riƙe da wata takarda nesa da jikinsa kamar mai zafi. Tun daga Korgom ya zo, ƙura har gira, kuma ko ruwan da na miƙa masa bai sha ba sai da na karɓi takardar.

Ni sunana Zara'u, Faransanci nake koyarwa a nan Tasawa. A gidanmu ni ce aka ce na yi boko, saboda haka duk takardar da ta rikita wani a dangi, kaina take ƙarewa, daga takardar asibiti har ta sayen akuya. Yaya kuwa a aji shida na firamare ya tsaya. Ya yi gyaran keke, daga baya aka ba shi horon sati uku kan gyaran famfon tuƙa-tuƙa, shi ke nan ya riƙe sana'ar. Shekara goma sha ɗaya ke nan duk famfon da ya tsaya a ƙauyukan Korgom shi ake kira.

Abin da ya kawo shi, wani proje na ruwan sha ya buɗe biro, wato ofis, a Tasawa yana neman makanikin famfo guda ɗaya da zai riƙa zagaya Tasawa da Mayahi. Aiki ne mai albashi, da kayan aiki na gaske. Yaya bai taɓa cewa yana son wani abu ba a rayuwarsa, amma wannan na ga yana sonsa, don har riga mai guga ya sa. An ce a kawo dosiye, wato tarin takardun neman aiki, a cikinsa da takardar tarihin aiki, wadda muke ce wa sebe. Sai ya yi abin da kowa ke yi a garin nan: ya je shagon Misbahu mai ordinater, wato kwamfuta, kusa da tasha, ya faɗi sunansa da ranar haihuwarsa, Misbahu ya buga masa sauran.

A saman kowace sebe akwai layi uku ko huɗu da ake ce wa profil, inda mutum yake taƙaita ko shi wane ne a wajen aiki. Na Yaya cewa ya yi shi matashi ne dynamique, passionné, orienté résultats. Shekarunsa arba'in da uku. Matar da ke karɓar dosiye a biron, Madam Nabila, ta zagaye kalmomin nan uku da jan biro, ta mayar masa, ta ce ya cire su ya rubuta gaskiyar abin da yake yi. Wai ta ma manna sanarwa a ƙofa tana gaya wa kowa haka.

"Wanga dynamique dai na gane shi," in ji Yaya. "Dinamo ne. Na yi keke shekara huɗu, na san dinamo ciki da waje. To mi ya sa ta zagaye shi?"

Na ce masa ba dinamo ba ne, kuzari ake nufi, mutum mai zafin nama. Ya ce to shi yana da kuzari, ko ba shi da shi? Na ce yana da shi. Ya ce to don me za a cire? Na wuce ta biyu, passionné. Ita ya ɗauka haƙuri ce, don ya taɓa jin likita yana faɗin wata kalma mai kama da ita. Da na ce masa so ne mai tsanani, irin wanda zuciya ke kamuwa da shi, ya kawar da kai ya yi istigfari, ya ce shi da iyalinsa bai taɓa yin irin wannan magana ba balle da famfo.

Ta ukun ce ta hana shi shan ruwa. A nan ƙasar, orienté kalmar makaranta ce. In rezilta ta fito ka ci jarrabawa, sai a ce an orienté ɗinka zuwa lise kaza, wato babbar sakandare. Yaya ya san kalmar sarai, don shi ya goyo ni a keke zuwa inda aka manna sunaye ranar da aka tura ni lise a Maraɗi. Shi kuwa sau biyu ya zauna jarrabawar firamare bai ci ba. Da ya ga orienté da résultats gefe da gefe a ƙarƙashin sunansa, kuma an zagaye su da ja, sai ya ɗauka Misbahu ya rubuta cewa ya ci jarrabawa, Madam kuma ta kama shi da ƙarya.

"Ki gaya mata ba ni na ce a sa ba," ya ce. "Ban taɓa cewa na ci ba, Zara'u. Ke shaida ce."

Abin ya taɓa ni, sai na ɓoye da faɗa, kamar yadda na saba. Na ce masa maganar ba ta da alaƙa da lakwal, wato makaranta, ana nufin mutumin da ya damu da ganin aiki ya ba da sakamako. Ya tambaye ni ko akwai mai aikin da ba ya son aikinsa ya ba da sakamako. Na ce babu. Ya ce to me ya sa ake rubutawa? Na ce masa ya sha ruwa.

Da la'asar na zauna na soke kalmomin uku. Abin da ya rage a profil ɗin shi ne "matashi" da aya. Na soke matashin ma, sai aya kaɗai. Amma ni malamar Faransanci ce, kalmomi ba sa yi mini wuya. Cikin minti biyar na cika wurin da motivé da rigoureux da polyvalent, wato mai himma, mai tsantseni, mai iya aiki iri-iri. Na karanta wa Yaya, ya ce suna da daɗin ji, ko da yake bai san bambancinsu da na farkon ba. Na ce da bambanci mana, amma da ya tambaye ni wane iri sai na ce masa lokacin salla ya yi.

Washegari da na fita, na tarar sanarwar Madam Nabila ta rikita rabin gari. A tasha ana cewa projen ba ya son masu kuzari, tsofaffi yake nema. Wani ya ce a'a, kalmomin ne aka hana daga sama, duk wanda ya rubuta su za a riƙe sunansa. Wada, ɗan kabu-kabun da ke kai ni kwalej in na makara, wanda shi ma ya kai dosiye don ya taɓa kwance injin moto, ya ce shi ya ji an ce dynamique zagi ne a wani Faransancin. Na yi masa dariya, amma ni ma a cikin jakata akwai takardar da ban tabbata da ita ba.

Na je biron da kaina bayan an tashi. Madam Nabila 'yar siririya ce mai tabarau, ba ta da yawan murmushi, kuma tun kafin ta yi magana na ji ba ta kwanta mini ba. Ta karanta sabon profil ɗin, ta ɗauki jan bironta. Na ce mata ai babu ko ɗaya daga kalmomin da ta hana. Ta ce ƙannensu ne. Daga nan ta jawo tulin dosiye ta shimfiɗa mini goma a kan tebur: malamin makaranta, mai walda, direba, wani ma da ya karanta shari'a, kowannensu matashi ne dynamique, passionné, orienté résultats, har da kuskuren wasali ɗaya a wuri ɗaya. Talatin da ɗaya ta ce ta karɓa, kuma har yanzu ba ta san wanda ya taɓa riƙe kle na kwance noti a cikinsu ba.

"Ki rufe sunan da yatsa," ta ce. "In za ki iya ɗora sunan wani a kai ba ki yi ƙarya ba, to layin bai ce komai ba. Abin da nake gaya wa kowa ke nan. Mi ya yi, a ina, tun yaushe, guda nawa, wa zai shaida."

Na fito ina jin haushinta, haushin da ake ji in an gyara wa malami rubutu. A hanya na gwada. Na rufe sunan Yaya da babban yatsa na sa na Wada: mai himma, mai tsantseni, mai iya aiki iri-iri. Ya zauna daram. Na sa nawa, ya zauna. Na sa sunan shugaban kwalejinmu, wanda ba mu shiri, shi ma ya zauna, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Juma'ar sati mai zuwa za a rufe karɓar dosiye, ni kuma na gane ban san abin da zan rubuta a kan ɗan'uwana ba. Na san yana gyaran famfo, daga nan ban san komai ba.

Ran Asabar na hau mota zuwa Korgom. Na same shi a rumfar da yake ajiye kayan aiki, na zauna a kan wata tsohuwar taya da littafi a cinya, na fara yi masa tambayoyi. Abin ya zama kamar cire ƙaya. Na ce me yake yi, ya ce gyara. Gyaran me? Abin da ya lalace. Na ce ya ba ni misalin kuzarinsa, ya ce da safe ya fi jin ƙarfi. Na ce me zai nuna yana son aikin, ya ce ai aikinsa ne. Har na rufe littafin na ce masa shi ya sa mutane suke zuwa wajen Misbahu.

A nan idona ya kai kan bangon rumfar. Ƙusoshi ne a jere, kowace an rataya mata tsofaffin robobi baƙaƙe masu kama da zobe, wasu da guntun sarƙa. Na tambaye shi wannan tarkacen fa. Ya ce ba tarkace ba ne. Robar da ke cikin silinda ce, can ƙasan rijiya, wadda take ɗago ruwa; in ta cinye sai a yi ta tuƙi ruwa ba ya zuwa. Duk wadda ya canza sai ya kawo tsohuwar ya rataya a ƙusar garin da ya ciro ta, don in ya ga wata ƙusa tana saurin cika ya san akwai yashi a rijiyar. Kowane famfo da ƙusarsa. Na tashi na ƙirga, goma sha tara.

Daga nan bakinsa ya buɗe, don yanzu ba a kansa ake magana ba, a kan famfo ne. Ya bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana kiran garuruwan: wannan na hannu ne, wannan na ƙafa, wannan zurfinsa mita arba'in da biyu, wannan mata ne ke kula da shi shi ya sa sarƙarsa ba ta taɓa bushewa ba. Ina ta rubutu. Na tambaye shi in an kira shi, kwana nawa yake yi kafin ya isa. Ya ce biyu. Na rubuta biyu a gurbin dynamique, sai ya ce in dakata, da damina in kwari ya cika moto ba ya wucewa, sai ya bi amalanke, yakan kai uku. Na ce ba wanda zai bincika. Ya ce mutanen Tungar Abdussalamu za su bincika, don su suka jira shi kwana ukun. Na rubuta biyu da rani, uku da damina.

A gurbin passionné muka daɗe. Na ce a sa yana ƙaunar taimakon jama'a, sai na rufe sunan da yatsa na ga ko ɗan siyasa zai iya sa hannu a kai. Can dai cikin hira ya ambaci cewa a garuruwa bakwai ya koya wa matan kwamitin ruwa shafa wa sarƙa man giris da ɗaure noti, don kada a riƙa kiransa kan abin da bai kai ya kawo ba. Na ce wa ya sa shi? Ya ce ba kowa, tafiyar ce da nisa. Na rubuta garuruwa bakwai ɗin, ban rubuta dalilin ba.

Saura na sakamako. Na rubuta cewa yana kula da famfo goma sha tara, duka suna aiki. Na karanta masa. Ya tashi ya tsaya gaban ƙusa ta ƙarshe. Robobin da ke kanta sun yi fari da ƙura, an daɗe ba a ƙara ko ɗaya ba.

"Sha takwas," ya ce.

Na san famfon. Na Garin Haladu ne, ƙauyen da aka haife mu, inda Inna take zaune har yau. Shekara uku ke nan ya mutu, matan garin suna zuwa rijiyar maƙwabta da amalanken jaki, Inna kuma tana jiran wanda zai ɗebo mata. Abin da na sani tiyo ne ya faɗa ciki. Ban taɓa tambayar yadda aka yi ya faɗa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Na ce masa ba a rubuta gazawa a sebe, kowa abin kirkinsa yake nunawa. In ba ya son "duka", to mu ce sha takwas kawai mu bar na sha taran. Ya ce na sha taran ma nasa ne, duk wata yana zuwa ya duba murfin kada yara su jefa duwatsu. Muka yi ta ja. Na ce masa Madam cewa ta yi a cire kalmomi uku, ba ta ce a tona asiri ba. Ya ce ta ce guda nawa, shi kuma guda nawan ke nan. Na gaji na rubuta yadda yake so, ina cewa a raina ya kashe kansa da hannunsa.

Ga abin da muka samu, in an mayar da shi Hausa: Mai gyaran famfon hannu da na ƙafa a ƙaramar hukumar Korgom tun shekara goma sha ɗaya. Yana kula da famfo goma sha tara, goma sha takwas suna aiki. Yana isa wurin gyara cikin kwana biyu da rani, uku da damina. Ya koya wa kwamitin ruwa na garuruwa bakwai kulawar yau da kullum. Na rufe sunan da yatsa na gwada na Wada, wannan karon bai zauna ba. Yaya dai bai gamsu ba. Ya ce babu kalma mai nauyi ko ɗaya a ciki, kamar dai hira ce aka rubuta. Ni ma, in faɗi gaskiya, na ga layukan sun yi tsirara.

Ran Litinin muka kai wa Misbahu ya buga. Ya karanta yana yamutsa fuska, ya ce wannan ba profil ba ne, rahoto ne, amma ya buga. Muka wuce biro. Madam Nabila ta karanta, ta ajiye jan biron, ta ce yawwa, irin wannan take nema. Ƙofa a buɗe take, mutum kusan goma suna zaune a benci suna jira da dosiyensu, Wada na cikinsu. Na fito ina taku ɗai-ɗai kamar ni na gyara famfunan.

Ran Alhamis Wada ya sauke ni a ƙofar kwalej, ya ciro takarda daga aljihu ya ce don Allah Madam in duba masa Faransancin. Na buɗe. Wada, ɗan kabu-kabun Tasawa, wanda ban sani ba ko ya taɓa kwana a Korgom, yana kula da famfo goma sha tara, goma sha takwas suna aiki. Yana isa cikin kwana biyu da rani, uku da damina. Na karanta sau biyu don na ɗauka idona ne. Ya ce sabon samfurin ke nan, shi aka ce Madam Nabila tana so, kowa shi yake karɓa yanzu.

Ban shiga aji ba. Na sa shi ya juya da ni shagon Misbahu, na yi masa tas a gaban mutane. Abin da ya ƙara tunzura ni, Misbahu bai ga laifinsa ba, kuma ba wai yana yi da gangan ba ne. Ya ce shekara shida yana buga wa kowa profil iri ɗaya ba wanda ya taɓa cewa an yi masa sata. An ce tsohon ya daina aiki, an kawo sabo an karɓa, shi kuma ya maye gurbinsa. Na ce wancan kalmomi ne, wannan aikin mutum ne. Ya ce duka kalmomi ne Madam, shi ya buga su da hannunsa. Sai na tambaye shi mutum nawa ya buga wa. Mutum shida ya buga wa, kuma biyar sun riga sun kai, Wada ne na ƙarshe.

Na kira Yaya na gaya masa. Ya tambaye ni ko su ma sun ce sha takwas. Na ce har da damina. Ya ce to shi ke nan, in je in karɓo masa dosiyensa. A cikin shidan akwai mai brebe, takardar gama kwalej, akwai mai bak, ta gama lise. In aka ga takarda bakwai iri ɗaya, wa za a ce ya kwafa in ba wanda bai gama firamare ba? An zagaye shi da ja sau ɗaya, ba ya son na biyu. Na je biro da niyyar in yi bayani, Madam Nabila ta ce ba ta tattauna dosiyen kowa da danginsa, wanda aka zaɓa za a kira shi ganawa. Ban karɓo dosiyen ba, na ce wa Yaya an hana.

Bayan kwana goma aka manna sunayen waɗanda za a gana da su. Mutum tara, bakwai daga ciki masu famfo goma sha tara. Da kyar na sa Yaya ya zo. Na raka shi na zauna a ƙarƙashin bishiyar bedin da ke gaban biron, ina kallon masu shiga da fita. Ba wanda ya daɗe. Wada ya fito yana share gumi, ya ce injiniyan projen, wani Abdul Razak, tambaya ɗaya tak ya yi masa: ina famfo na goma sha tara yake, kuma me ya same shi? Shi dai ya ce yana bayan kasuwar Korgom, kansa ne ya karye. Mai bak ɗin ya ce musu ana kan gyaransa. Wani kuma wai tambayarsu ya yi wane na sha tara.

Yaya ne na bakwai. Ya yi fiye da rabin awa a ciki. Da ya fito bai dube ni ba, ya wuce wajen motonsa ya tsaya yana goge madubi da hannun riga. Na bi shi na ce yaya aka yi. Ya ce ya ɓata komai.

"Sun tambaye ni, na hwaɗa musu. Garin Haladu. Muna hidda tiyo za ni canza roba, mutum huɗu na taya ni. Na kwance na sama ban matse na ƙasa da kyau ba. Ni na sake shi, Zara'u, ba tsatsa ba ce kamar yadda mutane ke cewa. Tiyo tara da silinda suka tahi ƙasa. Inna na tsaye da tulunta."

Ya ce ya gaya musu sau huɗu yana ƙera ƙugiya wajen maƙeri yana zurawa, sau ɗaya har ya kamo ya ɗago mita biyu ya kuɓuce. Injiniyan ya tambaye shi faɗin rijiyar da zurfin inda tiyon ya tsaya, ya faɗa masa. Ya sa shi ya zana ƙugiyar a takarda, ya zana. Daga nan, maimakon ya yi shiru, sai ya tambaye su ko projen yana da ƙarfen kamo tiyo na gaske, ya ce ko ba su ɗauke shi ba, su ara wa wanda suka ɗauka ya je Garin Haladu, shi zai nuna masa wurin. Madam Nabila rubutu kawai take yi. Bai ga kalar biron ba.

Shekara uku yana ɗauke da wannan, yana zuwa gaida Inna duk wata, yana ganin jarkokin da aka ɗebo mata a ƙofar ɗaki. Ni kuma na zauna a kan taya ina ce masa ya rubuta "duka". Kunya ta kama ni, ban iya yi masa faɗan da na tanada ba. Na ce ya zo mu je gida ya ci abinci. Ya ce a'a, an kira shi Tungar Abdussalamu tun jiya, yau kwana na biyu ke nan.

Ran Laraba aka manna sakamako a ƙofar biron. Suna ɗaya ne a takardar. Na tsaya na karanta shi sau uku, kamar yadda shi ya tsaya ya karanta nawa shekarun baya yana bin haruffan da yatsa. Na kira shi, iska tana kaɗawa a wayar, ina jin ƙarar sarƙa a bayansa. Na ce rezilta ta fito, an ɗauke shi. Ya ce wa? Na ce shi. Ya ce ko dai sun rikita shi da mai bak ɗin, tunda takardun iri ɗaya ne. Na ce sunansa ne da na Baba, da ranar haihuwarsa. 

"Ƙarfen hwa?" ya ce. "Sun ce suna da shi?"

Na ce ban tambaya ba. Ya ce in koma in tambaya. Na ce zan koma. Sai ya ce kuma in ajiye masa takardar nan da kyau, ta wajen Misbahu, kada in yar, don in Allah ya sa aka ciro tiyon akwai wuri ɗaya da za a gyara a ciki.